Yadda muka tsara kasafin horon kwana uku a Tawa

Ni ne sakataren wata haɗakar ƙungiyoyin manoman albasa a jihar Tawa. A farkon watan Janairu wani furoje da muke aiki tare ya sanar da mu cewa zai ɗauki nauyin horo na kwana uku ga mambobinmu 30, a kan ajiyar albasa a rudu, wato rumbun albasa, da riƙon littafin kuɗi na ƙungiya. Sharaɗinsu shi ne mu kawo kasafi da kanmu, kuma kada ya wuce sefa 2,200,000. Muna son a yi horon kafin tsakiyar Fabrairu, don da zarar an shiga cirar albasa ba wanda zai bar garkarsa ya zo ya zauna a aji. Ban taɓa tsara irin wannan kasafi ba, amma na sha halartar taruka, sai na ɗauka abu ne na zama ɗaya.

A daren da Hajiya shugabarmu ta ba ni aikin na zauna da kaye da bik na jera layi shida. Ɗakin taro jaka 50, wato sefa 50,000, a yini, masu horarwa biyu kowanne jaka 50 a yini, kayan rubutu jaka 2 kowane mutum, kuɗin mota jaka 5 kowane mutum, abinci jaka 4 a yini, sai fardiyam, wato kuɗin guzurin yini, jaka 10 ga kowa. Duk abin da ya shafi mahalarta na ninka shi da 30, duk abin da ya shafi kwanaki na ninka shi da uku. Jimla ta ba ni 1,920,000. Na kwanta da murna, ina ganin har rara muka bari.

Ranar Litinin na kai takardar biron furojen. Na iske kwantabul ɗinsu ya fita banki, na zauna a benci tun ƙarfe tara har bayan sha ɗaya. Da ya dawo ya karɓi takardar, bai fi minti biyu yana dubawa ba ya ɗago kai ya ce, "Malam sakatare, mutanen nan talatin, daga ina suke?" Na ce daga jihar Tawa. Ya ce, "Na sani. Wane gari? Wa zai kwana a gidansa, wa zai kwana a masauki?" Ban da amsa, don ban ma riƙo sunayensu ba. Ya jawo wata takarda daga durowa ya nuna mini ƙa'idarsu ta biyan mahalarta. Wanda ya zo daga wani gari ana ba shi jaka 15 a kowane dare da ya kwana, kuɗin masauki da abincin dare ke nan. Wanda yake cikin gari ba shi da wannan, jaka 3 kawai ake ba shi a yini ta adaidaita ko kabu-kabu. Kuɗin mota kuma ba a yi wa kowa kuɗin goro, ana biya ne daidai da farashin tashar garin da mutum ya fito, zuwa da komawa. Na ji kunya ƙwarai, amma mutumin bai wulaƙanta ni ba. Ya ce in koma in fara da jerin sunaye, in bar lissafi tukuna. Ya kuma ba ni fom ɗinsu, wanda kowane layi yake da gurbi huɗu: yawan mutane ko kaya, sau nawa, farashin guda, sai jimla.

Kwana uku na yi ina kiran shugabannin ƙungiyoyi a waya kafin jerin ya kammala. Mutum 12 suna cikin Tawa da unguwannin da ke kusa. Sauran 18 baƙi ne: shida daga yankin Ƙwanni, biyar daga Madawa da Galmi, huɗu daga Kaita, uku daga Tabalak. Daga nan na tafi tasha da kaina, na tambayi ƴan kamasho farashin kowace hanya, na rubuta, na sa shugaban tashar ya buga mini hatimi a takardar. Wannan hatimin ya yi mini rana daga baya, domin motocin ƙauye ba sa ba da tikiti, kuma furoje ba ya biyan abin da ba shi da shaida. A farashin lokacin, zuwa da komawa, na Ƙwanni jaka 7 ne, na Madawa jaka 8, na Kaita jaka 6, na Tabalak jaka 4. Duka suka tashi 118,000, ƙasa da 150,000 da na sa da farko. Nan kaɗai lissafin gaskiya ya sauko ƙasa da na kaina.

A wajen kwana ne abin ya tashi. Mun tsara horon Talata, Laraba da Alhamis. Wanda zai fito daga Madawa sai ya bi ta Tsarnawa kafin ya hau hanyar Tawa, ba yadda zai yi ya iso ƙarfe takwas na safiyar Talata in ba ranar Litinin ya taso ba. In kuma an tashi aji ƙarfe biyar na yammacin Alhamis, ba mai hankalin da zai ce wa dattijuwa ta kama hanya da dare, sai Juma'a da safe. Horon kwana uku ya zama dare huɗu ke nan: Litinin, Talata, Laraba, Alhamis. Mutum 18, dare huɗu, jaka 15, ya ba ni 1,080,000. Na ƴan gari kuma 108,000. Layin da na rubuta 900,000 a kansa ya koma 1,188,000, ban ƙara ko mutum ɗaya ba. Na daɗe ina kallon adadin nan a shagon da nake buga takardu, har mai shagon ya tambaye ni ko lafiya.

Sai na shiga neman ɗakin taro. Na je wurare uku. Na farko otel ne, jaka 50 a yini, da kilim da kujeru masu kyau da makirfo. Da na tambayi abin da zai faru in an ɗauke kuran, manajan ya ce suna da gurup amma gazuwal na mai taro ne, in ware kamar jaka 15 a yini. Wannan ba ya cikin takardar farashin da ya ba ni, da ban tambaya ba sai ranar taro zan ji. Na biyu ya fi arha amma ba makewayi mai kyau, kuma kusan rabin mahalartanmu mata ne, na fita ban ko yi ciniki ba. Na uku zaure ne na wata ma'aikata, jaka 30 a yini, fanka ce maimakon kilim, akwai fili a waje mai inuwar dogon yaro inda za a yi salla a ci abinci. Shi ma man gurup namu ne. Da farko otel ɗin na sa a kasafi, don ina son a ce ƙungiyarmu ta yi abin fita kunya.

Maganar abinci ta zo da nata darasin. Na lissafa faranti 30, amma masu horarwa biyu za su ci, ni da ma'ajinmu za mu ci, mai gadin zauren da zai buɗe mana ya share ba za a bar shi yana kallo ba. Faranti 35 ke nan, da foz-kafe ta safe da abincin rana da ruwa, jaka 4 kowanne, 420,000 a kwana uku. Akwai wata baiwar Allah a unguwarmu da ke dafa mana abinci in muna da taro, hannunta ba na biyu, amma ba ta da lambar haraji ta NIF, kuma kwantabul ya riga ya gaya mini ba ya karɓar faktir da ba NIF da hatimi. Duk sayayyar da ta kai jaka 100 kuma sai an kawo furofoma, wato takardar farashi, guda uku daga ƴan kasuwa daban-daban. Dole na bar ta. Na je har gida na ba ta haƙuri, ta ce, "Ba komi ɗana, rabon wani ba ya zama na wani," amma na ga ranta bai so ba, ni ma nawa bai so ba. Tattara furofoma ukun nan ya ci mini kwana biyu a kan babur, domin kowa ka je sai ya ce mai hatimin ya fita, ka dawo da la'asar.

Kayan aiki na ɗauka kaye da bik ne kawai. Mai horarwa ya tuna mini da manyan takardun liƙawa a bango, da maka, da salatif, da kwafin darasi shafi ashirin ga kowa, da takardun shaida na ƙarshe. Mai shagon ya rubuta 100,000 a sama, a ƙasa ya ƙara harajin TVA kashi 19 cikin ɗari, ya zama 119,000. Farashin da ɗan kasuwa zai faɗa maka da baki sau da yawa ba harajin a ciki, sai an zo rubuta faktir yake bayyana. Tun daga ranar, kowa ya ba ni farashi sai na tambaye shi, da haraji ko babu.

Masu horarwa su ma ba kwana uku kaɗai suke aiki ba. Kowannensu ya nemi a biya shi yini ɗaya na shirya darasi da rubuta rahoto, kuma gaskiyarsu ce, don rahoton nan da shi za mu karɓi cikon kuɗi. 300,000 ta zama 400,000. Ɗaya daga cikinsu a Yamai yake, tafiyar sama da kilomita 500, ga kuɗin bas, ga masaukin dare huɗu a farashin da ya fi na mahalarta, wannan kaɗai 125,000 ne. Da na haɗa komai a fom ɗin furoje, jimla ta tsaya a 2,565,000. Mun zarce iyaka da 365,000.

Na kira Hajiya da ma'aji muka zauna a tsakar gidanta bayan isha'i. Ma'aji ya kawo shawarar a rage mahalarta zuwa 25. Hajiya ta ƙi, ta ce an riga an gaya wa ƙungiyoyi adadinsu, wadda duk aka cire wa mutum za ta ce an nuna mata bambanci. Ni kuma na ce a rage fardiyam zuwa jaka 12, sai ma'aji ya tuna mini cewa ƙa'idar ta furoje ce, ba tamu ba, ba mu da ikon ƙarawa ko ragewa. Abin da muka iya taɓawa uku ne. Muka bar otel muka koma zauren jaka 30, muka sami 60,000. Muka ba malamin Yamai haƙuri muka ɗauki wani malamin gona da ke nan Tawa, wanda ma ya fi sanin rudun Adar da irin zafinmu, muka sami 125,000. Na ukun shi ne mafi girma: muka yanke a riƙa shiga aji ƙarfe takwas daidai, a taƙaita jawaban buɗe taro, ranar Alhamis a rufe da azahar. Ta haka mutanen Ƙwanni da Kaita da Tabalak, su 13, za su isa gida da rana, darensu ya koma uku. Na Madawa da Galmi biyar muka bar musu dare huɗu saboda nisa. Dare 13 da aka cire sun ba mu 195,000. Kasafin ya sauko 2,185,000, tsakaninmu da iyaka jaka 15 kacal. In ka raba da 30, kowane mahalarci ya tashi kusan jaka 73, amma wannan adadin ba ya nuna gaskiyar kowa: mutumin Ƙwanni zai karɓi jaka 52 a hannu, na cikin gari jaka 9.

Na mayar da takardun ranar Juma'a, na iske biro zai tashi kafin salla, aka ce sai Litinin. Ranar Litinin kwantabul ya bi layi-layi da jan bik, ya maido mini da furofoma ɗaya da ba kwanan wata, ya kuma ce a rubuta a kwantiragin masu horarwa ko jaka 50 ɗin kafin a cire haraji ne ko bayan an cire, don shi sai ya cire kafin ya biya. Na koma wurinsu muka daidaita a rubuce. Daga nan takardun suka tafi Yamai neman sa hannun babbansu. Kwana tara muna jira. Kullum shugabannin ƙungiyoyi suna kirana, ni kuma ba ni da ta cewa, ga ranar horo tana matsowa, ga mai zaure yana cewa in ban ajiye wani abu ba zai ba wasu. Daga ƙarshe kuɗi suka shigo asusun haɗakarmu, amma kashi 80 cikin ɗari ne, 1,748,000. Sauran 437,000 sai mun kawo hujjojin kashewa. An rubuta wannan a yarjejeniya, ni ne ban karanta da kyau ba. Muka roƙi mai abinci da masu horarwa su karɓi wani kaso su jira ciko, don kuɗin mahalarta ba ya jira.

Kuskuren da ya fi ci mini rai na wasiƙar gayyata ne. Na rubuta rana da wuri da abin da za a koya, na ce "za a ɗauki nauyin mahalarta", ban faɗi nawa ba. Ashe a wani horo da aka yi bara, na wani furojen daban, kowa jaka 10 aka ba shi a yini, ɗan gari da baƙo. Da safiyar Laraba labari ya bazu cewa baƙi na karɓar jaka 15, ƴan gari jaka 3. Lokacin shan shayi wani dattijo daga cikin ƴan gari ya tare ni a gindin bishiya, ya riƙe hannuna, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Ɗana, mi munka yi muku? Mu ma garkarmu munka baro, mun ɗauki ɗan ƙodago yana yi muna ban ruwa." Maganarsa gaskiya ce, jaka 3 ba ta biyan wanda ya tsaya masa a garka. Na ɗauko takardar ƙa'idar furoje, na nemi izinin malami, na tsaya gaban aji na karanta ta da Hausa, na bayyana cewa jaka 15 ɗin ta ɗakin kwana da tuwon dare ce. Mutane suka yi shiru, wasu suka gamsu, biyu ba su dawo da yamma ba sai da Hajiya ta bi su har gida. Da na rubuta adadin a wasiƙa tun farko, kowa da saninsa zai zo.

Wasu ƙananan abubuwa ma sun ɓullo. Mata uku sun zo da goyo, kowacce da ƴar raino, faranti uku ke nan da ba sa cikin lissafi, mai abinci ta yi mana kara ta ƙara ba ta caje mu ba. Mutum bakwai sun hau babur daga ƙauyukansu zuwa tasha, jaka bibbiyu zuwa da komawa, ni kuma daga tasha zuwa tasha na lissafa. Jaka 14 ɗin nan daga asusun ƙungiya ta fito, don ba ta cikin kasafin da aka sa wa hannu.

Ranar biya, banki ya ba mu kusan duka kuɗin a takardun jaka goma-goma. Mai jaka 9 da mai jaka 52 ba sa biyuwa da jaka goma. Ma'aji ya yini a kasuwa da gidajen mai yana neman canji, sai dare muka zauna muka zuba na kowa a ambulan, muka rubuta suna da adadi a baya. Takardun sa hannu iri biyu ne, kuma ba a haɗa su: ta halarta, wadda ake cikawa kowace safiya, da ta karɓar kuɗi, mai suna da gari da lambar katin ɗan ƙasa da adadin dare da kuɗin mota da jimla. Fiye da rabin mutanenmu dangwale suke yi, sai da na aika yaro ya sayo tawadar hatimi. Wata tsohuwa daga Kaita da na ce mata dubu arba'in da biyar ne na kwananta ta zaro ido, don ita da dala take ƙirga. Sai da na ce mata jaka arba'in da biyar, dala dubu tara, sannan ta lissafa takardun ɗaya bayan ɗaya a cinyarta, ta ƙulle a bakin zane, ta miƙo babban yatsa.

Bayan horo aka ba mu kwana 15 mu kai hujjoji: takardun halarta na kwana uku, takardar biya, kwafin katunan mahalarta, faktir na zaure da abinci da kaya, rasit ɗin gazuwal, takardar tasha, kwantiragi da rahoton malamai. Kwantabul ya ɗora takardar halarta kusa da ta biya yana gwada suna da suna. Ya gano ɗaya daga ƴan garin da suka yi fushi bai sa hannu ranar Alhamis da safe ba, alhali an biya shi yini uku. Mutumin ya zo, a makare ne, ni ne ban bi shi da takarda ba. Ba a karɓi bayanin baki ba, aka cire jaka 3 daga cikonmu. Gazuwal kuma jaka 45 muka ware, muka ƙona na jaka 28 kawai, sauran 17 ba a bar mana mu toshe ramin kuɗin babura da su ba, don ba a ɗaukar kuɗin wani layi a kai wani sai da izini a rubuce tun kafin a kashe.

Wanda zai yi irin wannan aiki, shawarata ita ce ya nemi ƙa'idar biyan mai ba da kuɗin a rubuce kafin ya taɓa kalkuleta, don kowane furoje da tasa. Ya samo sunaye da garuruwa, ya raba mutane gida biyu, masu kwana a gida da masu kwana a masauki, sannan ya ƙirga darare a kalanda da yatsa, daga daren isowa zuwa safiyar tafiya. Lokacin da za a rufe taro a ranar ƙarshe magana ce ta kuɗi, a wajenmu ita kaɗai ta motsa 195,000. Kuɗin mota a tambayi kowa daga ƙofar gidansa, ba daga tasha ba. In mai kuɗin ya yarda da layin ko-ta-kwana, ko kashi biyar cikin ɗari ne, a sa shi, in bai yarda ba ƙungiya ta tanadi nata a gefe. A wasiƙar gayyata kuma a rubuta adadin da kowa zai karɓa, da jaka, da ranar da za a biya, a ce ya riƙo katinsa, mai goyo ta faɗa tun da wuri. Cikonmu ya shigo bayan mako biyar da kai hujjoji, 417,000 maimakon 437,000, kuma a ranar na hau babur na kai wa mai abinci da malaman biyu sauran kuɗinsu.